Ina neman malamin lissafi, amma waɗanda ba su dace ba ne suka cika min waya

Assalamu alaikum. Ina da makarantar sakandare mai zaman kanta a Zariya. Malamin lissafinmu na manyan azuzuwa ya sanar da ni zai bar aiki a ƙarshen zangon nan. Na rubuta "Ana neman malamai cikin gaggawa, albashi mai tsoka, a tuntuɓi wannan lamba", na saka a WhatsApp. Cikin kwana huɗu saƙo ya haura 140, kira kuwa har sha ɗayan dare. Da mai takardar sakandare, da mai digirin da bai shafi lissafi ba, da mai cewa ko gadi ne zai yi. Mutum uku na ga sun dace. Biyu suka ce kuɗin ya yi musu kaɗan, ɗayan bai zo ba. Ga 'yan uwa sun fara turo min 'ya'yansu. Don Allah yaya zan rubuta sanarwar da za ta kawo min wanda ya iya aikin?

Hajiya mai makaranta, Zariya

Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ƙara wa makaranta albarka.

Sanarwar neman ma'aikaci rariya ce. Tankaɗen da ba ki yi a cikinta ba, ke za ki zauna ki yi shi da hannunki daga baya, saƙo bayan saƙo. Mai neman aiki ba ya da laifi idan ya ga ƙofa a buɗe ya shigo, musamman a wannan yanayi da ake ciki. Abin da ya fi ciwo shi ne ƙwararren malami, wanda yake da aji a hannunsa yanzu haka a wata makaranta, ba ya motsawa saboda sanarwar da ba ta faɗa masa komai ba. Shi yana da abin da zai rasa. Sai ya ga darasin, ya ga nauyin aikin, ya ga kuɗin, ya auna da inda yake, sannan ya ɗaga waya. Don wannan mutumin za ki rubuta sanarwar, sauran kuma su karanta su gane da kansu cewa ba da su ake ba.

Kafin ki rubuta ko kalma ɗaya, ki ɗauko jadawalin darussan malamin da zai tafi, ki zauna da shi ko da shugaban makaranta na rabin awa, ku ƙirga aikin. Bari mu ɗauka kina da SS1 aji biyu, SS2 aji biyu, SS3 aji ɗaya, kowane aji yana yin lissafi sau biyar a mako, kowane darasi minti 40. Darasi 25 ke nan a mako, wato awa 16 da minti 40 yana tsaye gaban allo. Idan kowane aji yana da ɗalibi 35, duk gwajin da aka yi takarda 175 ce za ta hau teburinsa. Sannan ki tambaya: shi ne malamin aji na wani ajin? Yana yi wa 'yan SS3 darasin yamma ko na Asabar idan WAEC da NECO suka matso? Shi ke cike sakamakon ɗalibai a kwamfuta? Sau da yawa mai makaranta sai a wannan zaman take gane cewa wanda zai tafi yana ɗauke da aikin mutum ɗaya da rabi, kuma wannan na daga cikin abin da ya gajiyar da shi. Idan haka ne, ki yanke shawara tun yanzu: ko a rage nauyin, ko a biya ƙarin aikin daban. Duk abin da kika ɓoye a sanarwa, sabon malami zai gano shi a makonsa na biyu, kuma za ki sake neman wani a tsakiyar zango, lokacin da ya fi kowane lokaci wahalar samu.

Daga wannan lissafi ne taken sanarwa zai fito. Kujera ɗaya ce, don haka take ɗaya: malamin lissafi na SS1 zuwa SS3, mutum ɗaya, a Zariya. Mutum yana gungura waya da yatsa, layin farko kaɗai yake gani kafin ya wuce ko ya tsaya. Idan layin nan ya ƙunshi darasi, da mataki, da gari, mai digirin tarihi da mai zama a Kaduna za su wuce ba tare da kin ce musu komai ba. Ki ƙara unguwa, domin a Zariya wanda ke zaune a Samaru da wanda ke cikin birni ba kuɗin mota ɗaya za su kashe zuwa Tudun Wada ba. Kalmar "gaggawa" kuwa ki cire ta. Ranar fara aiki ce ke nuna gaggawa, kuma ta fi ta amfani.

Sai sharuɗɗa, inda aka fi yin ɓarna. Ki raba su gida biyu: waɗanda idan babu su ba za ki ma duba takardar mutum ba, da waɗanda idan akwai su za su ƙara masa maki. Na dole kada su wuce uku ko huɗu, kuma kowanne ya zama abin da za a iya tabbatarwa da takarda ko da kiran waya. "Mai hazaƙa", "mai kishin aiki", "mai tsoron Allah" duk halaye ne da muke so, amma babu wanda zai karanta su ya ce shi ba shi da su, don haka ba sa tace kowa.

A harkar koyarwa a Najeriya, NCE ita ce mafi ƙarancin takardar da aka amince a yi koyarwa da ita. Don manyan azuzuwan sakandare, abin da ya fi dacewa shi ne digirin koyar da lissafi, ko digirin lissafi tare da PGDE, wato difilomar koyarwa da mai digirin da ba na ilimi ba yake ƙarawa. A nan sai ki tambayi kanki da gaske: idan mai NCE ta lissafi da fiziks ya zo, wanda ya shekara shida yana shirya ɗalibai don WAEC, za ki mayar da shi? Idan ba za ki mayar da shi ba, to kada ki rubuta cewa digiri dole ne. Ki rubuta hanyoyin biyu a fili, kowacce da shekarun ƙwarewar da kike so a kanta. Haka batun masu digirin injiniya ko kimiyyar kwamfuta, waɗanda za su zo da yawa a gari mai jami'a irin Zariya. Wasunsu sun iya lissafi ƙwarai, amma iya lissafi daban, iya saka shi a kan yaro ɗan shekara goma sha biyar daban, kuma galibi suna jiran wani aikin ne. Ki yanke hukunci a kansu tun kafin sanarwa ta fita, ki faɗa a cikinta.

Akwai kuskure guda da muke yawan gani: a rubuta "NCE ko digiri, tare da takardar kammala hidimar ƙasa". Masu NCE ba sa zuwa hidimar ƙasa. Masu digiri da HND ne ke zuwa, kuma a cikinsu ma wanda ya haura shekara 30 lokacin da ya kammala karatu takardar ɗauke masa hidimar ake ba shi. Idan kika haɗa su a jimla ɗaya, mai NCE da ya cancanta zai ɗauka an cire shi. Ki rubuta cewa masu digiri su ne za su nuna takardar kammala hidimar ƙasa ko ta ɗaukewa. Rajista da hukumar yi wa malamai rajista ta ƙasa, TRCN, ita ma ki faɗi matsayinta: dole ce tun ranar nema, ko za ki karɓi wanda ya yi alkawarin kammala ta cikin shekararsa ta farko? Mu muna ganin ta biyun ta fi miki, domin akwai malamai nagari a makarantu masu zaman kansu da ba su kai ga yin rajistar ba, kuma kujerar lissafi ba ta da masu nema da yawa da har za ki rufe musu ƙofa.

Iyakar shekaru ki bar ta. "Kada ya wuce shekara 30, kuma ya kasance yana da ƙwarewar shekara biyar" yana kore miki daidai mutanen da kike nema. Batun namiji ko mace, sai in akwai dalili na haƙiƙa, kamar mai kula da ɗakin kwanan 'yan mata. Don koyar da lissafi babu wannan dalili, kuma idan kika rubuta "malami ko malama" za ki ga matan da ba su da niyyar nema sun nema.

Yanzu kuɗi. Mun san abin da ke hana masu makarantu rubuta albashi: tsoron kada tsofaffin malamai su gani su yi ƙorafi, da tsoron kada makarantar da ke makwabtaka ta sani. Amma Hajiya, malamai suna gaya wa juna albashinsu a ɗakin malamai da wajen ɗaurin aure, babu sirri a nan. Rashin rubutawa ba ya ɓoye komai, illa ya sa ki ɓata kwanaki kina tantance mutumin da minti ɗaya zai ishe shi ya ce a'a. Ki rubuta iyaka biyu, misali naira 85,000 zuwa 100,000 a wata, ki faɗi abin da ke kai mutum ga ta sama: yawan shekarun da ya yi yana koyar da SS3, ko iya ɗaukar ƙarin darasin lissafi mai zurfi. Kada tazarar ta yi faɗi. Wanda ya ga "50,000 zuwa 150,000" ya san ta ƙasan ce gaskiya.

Ki auna adadin da idon malamin. Idan zuwa da dawowa na cin naira 1,000 a rana, kwana 22 na aiki naira 22,000 ke nan, fiye da rubu'in naira 85,000, tun bai sayi ko kwanon masara ba. Shi ya sa wanda ke kusa da makarantar zai karɓi abin da na nesa zai ƙi, shi ya sa kuma ambaton unguwa yake da muhimmanci. Ki kuma tuna mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000 ne tun watan Yulin 2024. Dokar ta ɗauke wa wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, amma makarantar sakandare mai malamai da masu gadi da masu shara tana iya kai wannan adadi ba tare da mai ita ta lura ba, don haka ki ƙirga. Ko da dokar ba ta hau kanki ba, malamin lissafi na ƙwarai da wannan ma'aunin zai fara auna ki.

Abubuwa biyu kuma da malaman makarantu masu zaman kansu suka fi son ji, har wani lokaci fiye da adadin kansa: wace rana ake biya, kuma ana biyan watannin hutu? Da yawansu sun sha zama babu ko kwabo a dogon hutu, ko sun sha jin "sai iyaye sun biya kuɗin makaranta". Idan kina biyan wata goma sha biyu cif, kuma kuɗi na shiga kafin ƙarshen wata, wannan layi ɗaya zai janyo miki malami daga makarantar da ta fi ki biya amma take jinkiri. Idan kuma ba kya biyan hutu, ki faɗa. Gara ya sani ya zo da yardarsa. Rangwamen kuɗin makaranta ga 'ya'yan malami, in kina yi, shi ma ki saka.

Idan kika lissafa kika ga abin da za ki iya biya bai kai abin da ƙwararre zai karɓa ba, babu gwanintar rubutu da za ta cike wannan giɓi. Sai dai ki sauya aikin: ki nemi ƙwararre na wucin gadi da zai riƙe SS3 kaɗai, kwana uku a mako, a biya shi gwargwadon darasi, sannan ki ɗauki matashi mai tasowa ya riƙe SS1 da SS2 a ƙarƙashin kulawarsa. To kin ga sanarwa biyu ke nan, kowacce da nata sharuɗɗan.

Sai hanyar nema. Ƙofa ɗaya kawai, kuma kada ta zama lambar wayarki. Ko ki buɗe adireshin imel na musamman don ɗaukar ma'aikata, ko ki yi fom a Google Forms. Fom ya fi sauƙi, domin amsoshin suna taruwa a jadawali guda, kowane mutum layi ɗaya, kina iya jera su bisa takardar karatu ko shekarun aiki cikin minti kaɗan. Amma ki lura da wani abu: idan kika saka wurin ɗora takarda a cikin fom ɗin, sai mai nema ya shiga da asusunsa na Google kafin ya iya cikewa, kuma a nan mutane da dama ke maƙalewa, ko sun manta kalmar sirri ko data ta yanke. Saboda haka a matakin farko kada ki nemi a ɗora komai. Tambayoyi takwas zuwa goma sun isa: suna, lambar waya, unguwar da yake zaune, takardar karatu mafi girma da fanninta da shekarar kammalawa, makarantun da ya koyar da azuzuwan da ya riƙe, matsayin rajistar TRCN, ranar da zai iya fara aiki, da ko ya amince da albashin da aka rubuta. Kafin ki saki fom ɗin, ki ba wani ya cike shi a ƙaramar waya, ki ga ko ya wuce minti goma.

A cikin fom ɗin ki saka tambaya ɗaya ta aikin kansa. Ba jarrabawa ba, abin da malami na gaske zai amsa cikin layi huɗu. Ga misali. An ba ɗalibi ya warware x² − 5x + 6 = 0. Ya rubuta (x − 2)(x − 3) = 0, sannan ya ce x = −2 ko x = −3. A ina ya kuskure, kuma yaya za ka nuna masa? Wanda ya iya lissafi kawai zai ce amsar ita ce 2 ko 3, ya tsaya. Wanda ya saba da aji zai ce yaron ya raba lissafin daidai, matsalarsa ita ce ya kwafo alamar da ya gani a cikin baka maimakon ya ce x − 2 = 0 ya warware. Zai ƙara da cewa zai sa yaron ya mayar da −2 cikin tambayar da hannunsa, ya ga 4 da 10 da 6 sun ba da 20, ba sifili ba, don ya gano kuskuren da kansa. Wannan amsa ta biyu ita kike nema. Tambayar tana da wani amfanin kuma: mai tura takarda ko'ina ba tare da ya karanta ba zai bar wurin babu komai, ya cire kansa da kansa. Idan ke ba fanninki ba ne, malamin da zai tafi ko wani malamin kimiyya ya duba miki amsoshin. Gaskiya ne wani zai iya sa a rubuta masa, amma akwai darasin gwaji a gaba, can asiri zai tonu.

Ga yadda sanarwar za ta iya kasancewa. Ki sauya alƙaluman da naki na gaskiya.

ANA NEMAN MALAMI KO MALAMAR LISSAFI, SS1 ZUWA SS3 (MUTUM ƊAYA)
Makaranta: sunan makarantarki, Tudun Wada, Zariya.
Aikin: darasi 25 a mako, aji biyar, ɗalibai kimanin 35 a kowane aji. Litinin zuwa Juma'a, 7:30 na safe zuwa 2:00 na rana. Darasin Asabar na 'yan SS3 a zango na biyu, ana biyan sa daban.
Dole: digirin koyar da lissafi, ko digirin lissafi da PGDE, tare da shekara biyu ana koyar da manyan azuzuwa, ko NCE ta lissafi tare da shekara biyar. Masu digiri su kasance da takardar kammala hidimar ƙasa ko ta ɗaukewa. Iya koyarwa da Turanci.
Zai ƙara maki: rajistar TRCN, shirya ɗalibai don WAEC ko NECO, iya shigar da sakamako a kwamfuta.
Albashi: naira 85,000 zuwa 100,000 a wata, gwargwadon ƙwarewa. Ana biya ranar 28 ga wata, har da watannin hutu. Zango na farko na gwaji ne, a kan cikakken albashi.
Yadda za a nema: a cike fom a wannan adireshi kafin ƙarfe 6:00 na yamma, ranar da kika tsayar. Ba a karɓar nema ta kira, ko WhatsApp, ko ta hannun wani.
Abin da zai biyo baya: za a kira waɗanda aka zaɓa cikin mako guda bayan rufewa, don darasin gwaji na minti 20 da ganawa a harabar makaranta. Fara aiki: makon farko na sabon zango.
Ba a biyan ko sisi a kowane mataki. Duk wanda ya nemi kuɗi da sunanmu, ba mu ba ne.

Tunda da Turanci ake koyar da darasin, ki fitar da ita da Turanci, ta Hausar kuma ta bi ta don masu yaɗawa da iyayen da za su gaya wa wani. Ki tabbatar alƙaluman biyun sun yi daidai. Kuma a sa wani ya duba rubutun, domin sanarwar makaranta mai kuskuren rubutu tana faɗa wa ƙwararren malami abin da ba ki yi niyyar faɗa ba.

Layin ƙarshen nan, na cewa ba a biyan kuɗi, kada ki raina shi. Sanarwar aikin bogi ta yi yawa, ta masu karɓar "kuɗin fom" da masu kiran mutane ganawa a wurin da ba a sani ba. Sanarwar da ba ta da sunan makaranta, sai lambar waya da alkawarin albashi mai tsoka, kamarta ɗaya da tasu, kuma mai hankali, musamman mace, zai yi baya-baya da ita. Suna, da unguwa, da cewa a harabar makaranta za a gana da rana, su ne ke kwantar da hankali. A kan wannan dalili kada ki nemi lambar BVN, ko NIN, ko bayanan banki a matakin nema. Ba ki buƙatar su sai kin ɗauki mutum, kuma tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a Najeriya da ta ɗora wa mai tara bayanan mutane alhakin kiyaye su. Takardun asali ma a zo da su ranar ganawa, ki duba, ki ɗauki kwafi, ki mayar wa mai su a take. Riƙe takardar asali ta malami don kada ya gudu zalunci ne, kuma labarinsa na yawo.

Ki rubuta rana cikakkiya, har da wata da shekara, a jikin sanarwar kanta. Saƙon WhatsApp ba ya mutuwa. Bayan wata takwas wani zai tura shi wani zaure, a sake cika ki da nema. Idan da rana a jiki, kuma kin rufe fom ɗin, magana ta ƙare. Kwana goma zuwa sha huɗu sun isa a bar ƙofa a buɗe. Ƙasa da mako guda, malamin da ke fama da duba takardun jarrabawa ba zai samu sukuni ba. Ki lissafa daga baya: ranar komawa makaranta, ki cire wata guda da wanda kika zaɓa zai ba makarantarsa sanarwar barin aiki, ki cire mako guda na gwaji da ganawa, mako guda na tantancewa, da mako biyu na nema. Kusan wata biyu ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka in zangon ya riga ya yi nisa, wannan makon ya kamata ta fita. Wanda ya ce miki zai bar ɗalibansa gobe-gobe ba tare da ya sanar da kowa ba, ki sani haka zai yi miki wata rana.

Inda za ki saka ta ya fi yawan wuraren da za ki saka ta muhimmanci. Zauren unguwa da na dangi su ne ke kawo taron da ba ki so. Ki kai ta inda malaman lissafi suke: malamanki na kimiyya su tura wa zaurukan abokan karatunsu, a kai kwafi sashen lissafi da tsangayar ilimi a Jami'ar Ahmadu Bello, a ba wani ɗan ƙungiyar malaman lissafi ta ƙasa, MAN, ya saka a zaurensu, a ba masu cibiyoyin darasin JAMB da WAEC, domin sun san wanda ya iya allo a garin. Ki tura ta a matsayin rubutu, ba hoton fosta kaɗai ba, saboda ba a iya danna adireshin fom a cikin hoto, kuma idan aka yi ta tura hoto yakan dushe har ƙananan rubutun su ƙi karantuwa.

Batun 'yan uwa, sanarwar ce za ta kare ki. Idan yaya ko kawu ya kira, ki ce: "Madalla, ga adireshin fom, ya cike kafin ranar kaza, ranar gwaji ba ni kaɗai ke ba da maki ba." Kin ba shi dama ɗaya da kowa, ba ki yanke zumunci ba, ba ki kuma sayar da ajin 'yan SS3 ba. Amma sai kin riƙe wannan ga kowa. Ranar da kika karɓi takarda ɗaya ta bayan gida, sauran za su ji.

Bayan kwana uku da fitarta, ki buɗe jadawalin ki duba, domin amsoshin za su nuna miki inda sanarwar ta yi rauni. Idan nema ya yi yawa kuma akasari ba su cika sharaɗi ba, ko dai ta faɗa zaurukan da ba su dace ba, ko wani ya yanke ta ya tura rabi. Idan waɗanda suka dace sun nema amma suna cewa ba su amince da albashin ba, kasuwa ce ke ba ki amsa, sai ki ƙara kuɗi ko ki rage darussa. Idan kusan babu wanda ya nema, ki fara gwada adireshin fom ɗin da wata wayar, sannan ki duba ko wani sharaɗi na dole ya yi tsauri. Idan kuma ana ta kiran makaranta da tambaya iri ɗaya, to amsarta ce ta ɓace a sanarwar, ki ƙara ta ki sake turawa. Mutum goma sha biyar da takwas a cikinsu suka cika sharuɗɗa sakamako ne mai kyau ga kujera irin wannan.

Daga cikinsu ki kira huɗu ko biyar. Ki ba su batu ɗaya, kwana biyu kafin ranar, su koyar da ɗalibai na gaske na minti 20, ke da wani malami kuna zaune a baya da takardar maki iri ɗaya. Gani ya kori ji. Ku lura ko yana juyowa ya tambayi yara ko da allo yake magana, da abin da yake yi idan yaro ya ba da amsar da ba daidai ba. Kafin ki ba kowa takardar ɗauka, ki kira shugaban makarantar da ya bari, ta lambar da kika samo da kanki, ba wadda ya ba ki kaɗai ba, ki tambayi dalilin tafiyarsa da yadda yake mu'amala da ɗalibai, musamman mata. Amanar 'ya'yan mutane za ki damƙa masa. Waɗanda suka zo gwaji ba a ɗauke su ba, ki tura musu saƙon godiya cikin mako guda, ki nemi izinin ajiye lambar wanda ya zo na biyu, domin idan na farko bai wuce zangon gwaji ba, shi za ki fara kira.